Yadda ma'aikaci zai yanke shawara tsakanin zama a aikin gwamnati da ya gundure shi da karɓar kwantiragi mai albashi mai tsoka

A Gombe da Bauchi wannan tambaya tana yawan zuwa da fuska ɗaya. Mutum yana aiki a ma'aikatar jiha ko ta ƙaramar hukuma, albashinsa yana shigowa duk wata ko da ba ya kai shi ƙarshen watan, amma zuciyarsa ta daɗe da fita daga aikin. Sai ga wata ƙungiyar agaji a Maiduguri ko Damaturu, ko wani kamfani mai zaman kansa, sun yi masa tayin kwantiragi na shekara guda da albashin da ya ninka nasa sau uku. Abin da yawancin mutane suke yi a nan shi ne su jera albashin biyu su dubi wanda ya fi girma, alhali lambar da ya kamata a nema ita ce yawan watannin da gidan mutum zai iya ci da sha idan sabon aikin ya tsaya ba zato ba tsammani. Matakan da ke tafe duk hanya ce ta fitar da wannan lamba, da kuma sanin abin da za a yi da ita.

Don kada maganar ta tsaya a sama, za mu bi misalin wani ma'aikacin lissafi a wata ma'aikatar jihar Gombe, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda yake haya a Pantami, yana kuma da shekara takwas da rabi a bakin aiki. Alƙaluman kuɗin da za a gani na misali ne, kowa sai ya cire su ya sa nasa.

Da farko, gano ainihin abin da ya gundure ka

Ka ɗauki wata guda kana rubuta, kowace yamma, abin da ya ɓata maka rai a ofis a wannan rana, a layi ɗaya ko biyu. Idan watan ya cika, za ka ga cewa ƙorafin ya taru a wuri ɗaya ko biyu, ba ko'ina ba kamar yadda kake ji a ranka. Wani zai tarar duk abin da ya rubuta a kan mutum ɗaya ne, wato darakta ko shugaban sashe. Wani zai tarar kuɗi ne kawai. Wani kuma zaman banza ne yake cinsa, ya je ofis ƙarfe takwas, babu fayil ko ɗaya a teburinsa har azahar, yana ji ilimin da ya sha wahalar samu yana zubewa.

Bambancin yana da amfani, domin maganin kowanne daban ne. Matsalar shugaba a aikin gwamnati tana da wa'adi, saboda ana sauya daraktoci da manyan sakatarori, kuma kai ma kana iya neman a mayar da kai wata ma'aikata ta hannun ofishin Shugaban Ma'aikata ba tare da ka rasa ko kwana ɗaya daga shekarun aikinka ba. Wanda ya ajiye aiki dungurungum saboda mutum guda ya biya farashi mai tsada a kan abin da takardar neman sauyin wuri za ta iya warwarewa. Amma idan abin da ke damunka rashin ci gaba ne, ko albashin da tsadar rayuwa ta cinye tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, to sauya ofis ba zai canza komai ba, kuma tayin da ke gabanka ya cancanci a zauna a yi masa lissafi.

Akwai yanayin da wannan jagora ba ta shafa ba. Idan ana tilasta maka sa hannu a takardun kuɗi na ƙarya, ko ana cin zarafinka a wurin aiki, ko likita ya gaya maka hawan jininka yana da nasaba da wurin, to maganar ta tashi daga ko za a tafi, ta koma yaushe da kuma ta wace ƙofa.

Lissafin abin da zai saura a hannu

Mai lissafin namu yana karɓar naira 125,000 a wata bayan an cire haraji da sauran cire-cire. Gidansa yana cin naira 115,000, idan aka raba kuɗin haya da kuɗin makarantar yara a kan watanni goma sha biyu aka haɗa da abinci, man babur, magani da abin da yake aika wa mahaifiyarsa. Saura naira 10,000, wadda sau da yawa biki ko suna ke tafiya da ita.

Takardar tayin ta ce naira 400,000 a wata. Tambayar farko da zai yi wa masu ɗaukar aikin ita ce ko wannan adadi kafin cire-cire ne ko bayansa, domin kusan kullum kafin ne. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, sannan ga haraji. Abin da zai shiga asusunsa zai kai wajen naira 320,000. Daga nan sai a tuna cewa mutumin zai riƙe gida biyu, tunda ba wanda zai kwashe iyali ya cire yara daga makaranta saboda kwantiragin shekara guda. A Maiduguri zai kama ɗaki, mu ce naira 35,000 a wata, abincinsa 50,000 saboda mai zaman gwauro sayen dafaffe yake yi, zirga-zirgar cikin gari 15,000, sai kuɗin mota zuwa gida ta hanyar Damaturu da Potiskum, mu sa 30,000. Jimla 130,000 ke nan. Gidan Gombe zai ragu kaɗan tunda ba ya nan, ya koma 105,000. Abin da zai saura masa a wata shi ne naira 85,000, wato naira 1,020,000 a shekara idan bai taɓa ko sisi ba.

Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne ga mutumin da yake tsira da 10,000, amma akwai abubuwa biyu da za su ci daga ciki. Yana da ragowar bashin ƙungiyar adashen ma'aikata na naira 240,000 da ake cira daga albashinsa, kuma ranar da ya bar aiki dole ya biya shi gaba ɗaya, in ba haka ba ya faɗa kan abokan aikin da suka tsaya masa. Sai kayan ɗaki, katifa da fanka da risho, wajen 80,000. Idan aka cire waɗannan, shekarar za ta ƙare yana da naira 700,000, wadda za ta riƙe gidansa wata shida. Ma'anar tayin ke nan a zahiri: shekara guda ta aiki, da wata shida na neman wani idan ba a sabunta ba.

Kuma wannan lissafin mutumin kirki ne wanda bai canza salon rayuwa ba. A gaskiya, da zarar labari ya bazu cewa ka samu aikin ƙungiyar agaji, buƙatun dangi suna ƙaruwa, kuma mafi yawansu buƙatu ne na gaske da ba za ka iya kau da kai ba. Mai hankali yakan rage kashi ɗaya cikin huɗu daga abin da yake zaton zai tara, tun a kan takarda.

Gwada ranar da abin zai lalace

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci. Ka ɗauka an kira ka a wata na huɗu an ce kuɗin aikin ya tsaya. Wannan ba zato ba ne kawai. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyukan agaji da na lafiya da dama a Arewa maso Gabas suka tsaya cak, ma'aikatan da ke riƙe da kwantiragi mai sauran watanni suka koma gida. Kusan kowace irin wannan kwantiragi tana ɗauke da sharaɗin cewa ci gaban aikin ya dogara ga samuwar kuɗi daga mai bayar da tallafi, kuma wannan layi guda ya fi adadin albashin nauyi.

A wata na huɗu mai lissafin namu ya tara 340,000, amma ya riga ya kashe 320,000 a kan bashi da kayan ɗaki. Akwai kuma wani abin da lissafin wata-wata yake ɓoyewa: masu gidaje kuɗin shekara suke karɓa a dunƙule, wato 420,000 tun kafin ya ga albashin farko. Idan aka haɗa haya da bashi da kayan ɗaki, yana buƙatar naira 740,000 a hannu kafin ya hau mota, shi kuwa duk abin da ya mallaka na ajiya 230,000 ne. Idan ya ci bashin ragowar sannan aikin ya tsaya a wata na huɗu, zai dawo Gombe ba aiki, ba ajiya, ga sabon bashi a wuyansa.

Ƙa'idar da nake ganin ta dace ita ce, mai iyali kada ya saki aikin dindindin sai yana da abin da zai riƙe gida wata shida wanda bai dogara ga sabon albashin ba. Matashin da bai yi aure ba, yana zaune a gidan iyaye, wata uku ya ishe shi. Abin da ake ƙirgawa shi ne kuɗi a banki da abin da za a iya sayarwa cikin mako guda, kamar tumaki ko buhunan masara da wake. Fili ba ya shiga, domin mai sayar da fili cikin gaggawa rabin kuɗinsa yake samu, kuma alkawarin wani ɗan uwa cewa zai taimaka shi ma ba ya shiga. Ga wanda yake cikin tsarin fansho na adashe akwai ɗan sauƙi, domin doka ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 damar cire kashi 25 cikin ɗari na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Amma a lura, sai an yi wata huɗun tukuna, kuma takardun suna ɗaukar nasu lokacin.

Abin da za ka bari a baya

Kafin ka ce komai ga kowa, ka je sashen mulki na ma'aikatarku ka tabbatar da wane tsarin fansho kake ciki, domin amsar tana iya sauya shawarar gaba ɗaya. Wanda ake zuba masa kuɗi a asusun fansho na kansa, kamar ma'aikatan tarayya, asusun nasa ne, yana bin sa duk inda ya koma, sabon mai aiki zai ci gaba da zubawa a lambar da yake da ita. Irin wannan mutum bai yi asarar abin da ya tara ba.

Wanda yake tsohon tsari kuwa, inda gwamnati ce ke biyan giratuti da fansho daga baitulmali, shekaru ne jarinsa. A wannan tsari an saba cewa shekara biyar tana ba da haƙƙin giratuti, shekara goma kuma ita ce ke ba da haƙƙin fansho, ko da yake ba a fara biyansa sai mutum ya kai shekarun haihuwa da doka ta ƙayyade. Mai lissafin namu yana cikin wannan tsari, yana kuma da shekara takwas da rabi, wato wata goma sha takwas ne tsakaninsa da haƙƙin da zai bi shi har tsufa. Barin aiki a wannan gaɓa ba daidai yake da barinsa a shekara ta uku ba, ko ta goma sha ɗaya. Sai dai kuma kada mutum ya sa giratutin a cikin kuɗin wata shidan da muka ambata, tunda kowa a jihohin nan ya san yadda 'yan fansho suke shafe shekaru suna jiran a biya su.

Ka ƙara da inshorar lafiyar da kake ciki ta wurin aiki, ka tambayi ko sabon wurin zai rufe iyalinka da ke Gombe ko kai kaɗai ne a Maiduguri. Ka duba kuma ko ka taɓa tafiya ƙaro karatu da albashi, domin wanda ya sa hannu a yarjejeniyar dawowa ya yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, in ya tafi kafin su cika, za a iya neman ya mayar da kuɗin.

Bincika tayin kansa

Maganar baki ba tayi ba ce, haka ma saƙon waya. Abin da za ka riƙe shi ne takarda mai sa hannu wadda ta fayyace albashi, tsawon kwantiragi, lokacin gwaji, da yawan kwanakin sanarwa da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. Idan akwai gwaji na wata uku, to a cikin waɗannan watanni ana iya sallamarka da sanarwar mako ɗaya ko biyu, saboda haka shekarar da aka yi maka alkawari ba ta fara tabbata ba sai bayan nan. Duk wanda ya nemi ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na tabbatar da gurbi, ɗan damfara ne, kuma sunan kamfani ko ƙungiya ana iya duba shi a rajistar Hukumar Kula da Kamfanoni.

Bayan takarda sai mutane. Ka nemi wanda yake aiki a wurin yanzu, sannan ka nemi wanda ya bar wurin, domin na biyun ya fi faɗin gaskiya. Tambayoyi uku sun isa. Shin albashi ya taɓa yin jinkiri? Cikin waɗanda aka ɗauka bara, nawa aka sabunta wa? Sannan wane ne ke ba da kuɗin wannan aiki, kuma yaushe tallafin zai ƙare? Idan tallafin shekara uku ne kuma yanzu aka fara, kwantiragin shekara guda tana da kyakkyawan zaton sabuntawa. Idan kuwa saura wata takwas ya ƙare, to gurbin wani da ya hango ƙarshe ya gudu ake neman ka cike. Ga kamfani mai zaman kansa, alamar da ba ta ƙarya ita ce kuɗin fansho: ka roƙi wani ma'aikacinsu ya duba ko abin da ake cire masa yana shiga asusunsa, domin kamfanin da ke cirewa ba ya zubawa, matsalarsa ta kuɗi ta riga ta fara.

Tambaya ta ƙarshe ka yi wa kanka ita. Idan shekarar ta ƙare, me za ka fita da shi ban da kuɗi? Mai lissafin da ya koyi haɗa rahoton kuɗi irin wanda masu ba da tallafi suke buƙata ya samu sana'ar da wasu ƙungiyoyi za su nema, kuma wannan yana rage haɗarin sosai. Wanda zai je ya yi aikin da kowa zai iya yi, albashin kawai ya saya.

Nemi ƙofar da ba ta kulle bayanka

Tsakanin zama da murabus akwai hanyoyi. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi hutu ba tare da albashi ba, da kuma ba da aron ma'aikaci ga wata hukuma ko ƙungiya da gwamnati ta amince da ita. Ba haƙƙi ba ne da dole a ba ka, alfarma ce da ake nema a rubuce ta hannun shugaban sashe zuwa babban sakatare, kuma ta fi samuwa idan aikin da za ka je yana da alaƙa da na ma'aikatarku. Yadda ka gabatar da maganar yana da tasiri. Wanda ya shiga ofishin darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, na samu wata dama ta shekara guda wadda nake ganin zan dawo da abin da zai amfani sashen nan, na zo neman shawararka kafin in rubuta komai," ya fi kusa da samun sa hannu a kan wanda takardarsa ta iso teburin ba tare da an ji daga bakinsa ba.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ka tafi a ɓoye, ka bar wani yana sa maka hannu a rajistar zuwa aiki, albashi biyu suna shigowa. Mutane suna yi, amma rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da ke kai wa ga kora, korarre kuma yana rasa haƙƙoƙinsa, kuma aikin tantance ma'aikata da jihohi ke yi lokaci zuwa lokaci irin waɗannan yake kamawa.

Ga mai lissafin namu, hukuncin da lissafin ya nuna shi ne ya nemi hutun rashin albashi, ya kuma tambaya a rubuce yadda za a ƙirga wannan shekara a cikin shekarun aikinsa. Idan an ba shi, ya tafi, ya raba ɗaki da wani abokin aiki a watannin farko don rage kuɗin haya, ya kuma daidaita da ƙungiyar adashe a kan yadda zai ci gaba da biyan bashinsa wata-wata. Idan an hana shi, ya haƙura da wannan tayin, ya yi amfani da wata goma sha takwas ɗin wajen kammala bashi da tara kuɗin wata shida, yana ci gaba da neman irin wannan aiki. Ƙaninsa kuwa, mai shekara uku a wata makaranta mai zaman kanta da ba ta zuba masa fansho, ba mata ba ɗa, da irin wannan tayi zai zo masa, ba shi da dalilin tsayawa.

Shawara, istihara da rana

Matarka ce za ta riƙe gida ita kaɗai, ta kai yaro asibiti da dare, saboda haka ka nuna mata alƙaluman duka, har da na wata na huɗu, ba albashin kawai ba. Haka mace mai aure za ta yi da maigidanta tun kafin ta amsa tayin. Iyaye sukan ce, "Aikin gwamnati ba a sakinsa," kuma suna magana ne daga zamanin da albashi ke riƙe gida. Amsar da ke kwantar musu da hankali ba gardama ba ce, bayani ne irin na "Baba, ban ajiye aikin ba, hutu na nema, kuma ga abin da na tanada ko da an samu matsala." Bayan shawara sai istihara, sannan ka sa wa kanka rana, kwana bakwai ko goma, domin masu tayi ba sa jira, kuma shawarar da ba ta da rana tana iya shekara tana hana mutum barci.

Idan murabus ne ka zaɓa, jerin yana da tsari. Takardar sabon aiki mai sa hannu ta fara shiga hannunka, sannan ka rubuta taka, kana ba da sanarwar da sharuɗɗan aikinka suka tanada, wadda galibi wata guda ce ko albashin wata a madadinta. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka rubuta takardar miƙa aiki, ka mayar da duk kayan ofis a gaban shaida. Kafin ranar ƙarshe ka tattara kwafin takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, da takardun albashin watannin baya, ka kuma bi sawu har a ba ka amsar amincewa da murabus ɗin a rubuce, domin ita za a nema ranar da ka zo neman giratuti ko ka sake neman aikin gwamnati.